Rubuta labarin tsofaffin ƙawaye ta saƙonnin waya: shawarwarin da aka bayar

Da muka zauna da 'yan'uwa marubuta kan gajeren labarin da saƙonnin waya kaɗai ke ɗauke da shi, misali guda muka yi ta juyawa: Hadiza da Rabi, ƙawayen ƙuruciya a Zariya, shekara 12 ba sa ga maciji.

Kowa ya yarda sai da dalili mai ƙarfi ɗaya za ta tuntuɓi ɗaya. Ta'aziyya aka fi zaɓa, domin ko mai gaba ba ya ƙin amsa ta. Hadiza ta rubuta: "Salamu alaikum. Na ji rasuwar Inna. Allah Ya gafarta mata." Rabi ta amsa: "Amin. Wa ke magana?" Alhali ta gane lambar. Wannan tambayar ta nuna girman ɓacin ran fiye da dogon bayani.

An fi daɗewa kan musabbabin faɗan. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sa ɗaya ta zayyana abin da ya faru tun daga farko, wanda su biyun sun riga sun sani. Mai karatu zai ji da shi ake magana. Gara a ɗan taɓo shi kawai: "Har yau ban manta ranar kamun ba."

Wata marubuciya ta ce a riƙa sa lokaci a kan kowane saƙo, kuma ina tare da ita. An aika 9:14 na dare, amsa ba ta zo ba sai bayan asuba: mai karatu ya san Rabi ba ta runtsa ba.

An yi saɓani kan ƙarshe. Wasu na son a shirya su, mafi yawa suka ce ya isa Rabi ta kira Hadiza da sunan wasansu, "Dije".