"Ga gaisuwa, ga roƙon iri": ko shi ya rufe bakin mutanen birni?

Ɗan Auta: A garinmu ko ba ka san mutum ba, in kun haɗu a hanyar gona sai ka ce masa sannu. Na zo Kano na gai da wani a bakin Kantin Kwari, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ga gaisuwa, ga roƙon iri." Me yake nufi?

Baba Manomi: Yaro, maganar gona ce. Ruwan shuka ya sauka, wani ya riga ya cinye geronsa har da wanda ya ware na iri. Sai ya sammako gidanka: ina kwana, ina iyali, ya muka ji da ruwa. Sai ya miƙe zai tafi sannan ya ce, "Af, ko akwai ɗan ragowar iri?" Mutuminka ya zaci buƙata ce ke biye da sannunka.

Ɗan Kwari: Kuma Baba, da gaskiyarsa. Ni nan an taɓa tare ni da sallama mai kyau, har da "ba ka gane ni ba?" Muna musabaha wani na laluben aljihuna. A kasuwa wanda ba ka sani ba in ya ja gaisuwa, ko kuɗin mota zai roƙa ko damfara ce. Ballantana mutanen da nake wucewa daga tasha zuwa shago, in na ce kowa zan gaisar, azahar za ta yi ban buɗe ba.

Baba Manomi: Mu kuwa shirun ne abin tsoro. Baƙo ya ratsa gona bai ce sannu da aiki ba, nan take za a fara ƙirga awaki. In ya gaisa, an ji muryarsa, an ce daga ina, wajen wa? Kafin ya kai ƙofar mai gari an san ko shi wane ne, an ba shi ruwa ma.

Maman Ilham: Ni fa a wajenmu ba zagi ba ne. In na je duba yayata na biya na karɓo ɗinkina, sai in ce na yi gaisuwa da roƙon iri.

Malam Na Tsangaya: Hajiya, haka ne, ana faɗarsa a wasa, amma wanda aka duba sama da ƙasa ba wasa aka yi masa ba. Abin da zan raba muku shi ne, sallama daban, "sannu" daban. Hadisi ya ce a yi sallama ga wanda aka sani da wanda ba a sani ba, na kan abin hawa ya yi wa na ƙasa, mai tafiya ya yi wa na zaune. Amsawa kuma wajibi ce, aya ta 86 a Suratun Nisa'i. Ka amsa, ka riƙe aljihunka.

Ɗan Kwari: Allah gafarta Malam, amsawar ce ai ke tsayar da kai.

Ɗan Auta: Ni dai hanyar kasuwar Kurmi kawai na so tambaya.

Maman Ilham: To ai ka ga, ƙanena, irin ka je roƙo.