Bitkoyin ɗina ya maƙale tun Juma'a, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Sani Ɗan Kwari: Salamu alaikum. Ranar Juma'a bayan la'asar na tura wa wani abokin ciniki 0.012 na Bitkoyin, kuɗin kaya. Yau Lahadi, har yanzu walat ɗina yana nuna "Unconfirmed". Da na duba lambar turin a shafin mempool.space sai na ga cajin da na biya 5 sat/vB ne, wato sat 5, mafi ƙanƙantar ɓangaren Bitkoyin, a kan kowane vB na girman turin, alhali waɗanda ake ɗauka yanzu suna biyan wajen 30. Ni na rage cajin da hannuna, don makon jiya na tura da 5 ɗin kuma ya wuce lafiya. Mutumin ya kira ni sau huɗu, ya fara zaton wasa nake masa. Babu maɓallin ƙara caji a walat ɗin nan, na duba ko'ina. Duk wanda hakan ta taɓa faruwa da shi ya gaya mini yadda ya yi.

Ɗanliti: Kwantar da hankalinka, kuɗinka bai ɓata ba. In ya kwana 3 bai wuce ba zai dawo walat ɗinka da kansa, sai ka sake turawa. Haka nawa ya yi.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ɗanliti, rabin maganarka gaskiya ne. Kuɗin bai ɓata ba, don har yanzu bai ma bar hannun Sani ba, yana layi ne a mempul yana jiran masu haƙa, wato masu tabbatar da turi, su saka shi a bulok. Amma kwana 3 ba doka ba ce. Kwamfutocin da ke riƙe da layin, mafi yawansu sai bayan kwana 14 suke zubar da turin da bai wuce ba, ko kuma in layin ya cika megabayit 300 ɗin da suka ware masa, su fara zubar da masu ƙaramin caji. Kuma zubarwa ba sokewa ba ce. Turin yana ɗauke da sa hannunka, duk wanda ya ajiye kwafinsa zai iya sake watsa shi ko bayan wata guda, ya kuma wuce.

Maman Ilham: Wannan ta ƙarshen ita ta ci ni, Malam. A watan Mayun 2023, lokacin da layi ya cushe saboda masu Ordinals, na tura wa ƙanena kuɗin makaranta. Ya yi sama da mako, rannan na buɗe walat na ga kuɗin sun dawo cikin balans. Na ce alhamdulillah, na sake tura masa. Ashe walat ɗin wasu kuɗin daban ya ɗebo ya yi na biyun da su, bai taɓa na farkon ba. Da caji ya sauka sai ga na farko shi ma ya wuce. Yaro ya samu biyu. Allah ya sa ƙanena ne, ya dawo mini da ɗaya, ko da yake sai da ya cire abin da ya kira ladan ajiya. Sani, kar ka sake tura wa mutumin nan sabon kuɗi a kan an ce maka na farko ya mutu.

Malam Habu: Haka ne, Hajiya. Na biyu yana kashe na farko ne kawai idan ya kashe ainihin kuɗin da na farkon ya yi amfani da su, ko da guda ɗaya daga ciki. RBF ke nan a taƙaice: ka sake rubuta turin da kuɗin nan dai, ka ɗora caji mafi tsoka, masu haƙa su ɗauki sabon su yar da tsohon. A Electrum danna-dama kake yi a kan turin ka zaɓi "Increase fee", a BlueWallet kuma "Bump Fee" ne. Sani, turin naka vB nawa ne, kuma akwai canjin da ya dawo maka?

Sani Ɗan Kwari: 141 vB ya rubuta, caji 705 sat. Dunƙule ɗaya ne na 0.02 a walat ɗin, saura kusan 0.008 yana nan a matsayin canji, shi ma "Unconfirmed".

Bashir Maradi: Ni ma jiya na cire USDT daga eksicenj ya yi awa shida yana "Processing". Na rubuta musu sai suka sake shi. Ka rubuta wa masu walat ɗin mana.

Ɗanliti: Bashir, naka daban ne. Kai kamfani ne ya riƙe kuɗinka bai tura ba, shi kuwa nasa ya riga ya fita fili. Babu ofishin da zai rubuta wa.

Malam Habu: To Sani, tunda akwai canji, kana da mafita ko babu maɓallin. Ana ce mata CPFP, ɗa ya biya wa uba. Canjin nan na 0.008 daga cikin turin da ya maƙale ya fito. In ka tura shi zuwa wani adireshinka da caji mai kauri, mai haƙa ba zai iya cin cajin ɗan ba sai ya saka uban tukuna, don haka sai ya auna su biyun a haɗe.

Ga lissafin. Uban 141 vB ne, ɗan zai kai kamar 110 vB tunda shiga ɗaya fita ɗaya ne. Jimilla 251. Kana son su tsaya a 30 sat/vB, wato 7,530 sat. Ka riga ka biya 705, saura 6,825 a wuyan ɗan. Raba da 110, ya kama kusan 62 sat/vB. Wannan za ka rubuta a wurin caji, ba 30 ba.

Da kana da RBF da ya fi sauƙi a aljihu: 141 sau 30, 4,230 ke nan gaba ɗaya, ƙarin 3,525 kacal. CPFP ya fi tsada don wurin turi biyu kake saya a bulok.

Zainab K.: Ni RBF ɗin na yi kwanaki, kuma akwai abu biyu da ba wanda ya gaya mini. Na farko, lambar turin tana canzawa. Wanda na tura wa yana ta duba tsohuwar lambar, ya ga an rubuta "Replaced", ya kira ni yana cewa na janye kuɗi na cuce shi. Sai da na aika masa sabuwar ya huce. Na biyu, na danna "Max" lokacin turawa, babu canjin da za a ciri ƙarin, sai aka cire daga abin da zai isa gare shi. Ya samu ƙasa da abin da muka yi, dole na cika masa da naira.

Alhaji Mai Canji: Bari in kawo ta ɓangaren mai karɓa, don mutumin da ke kiran Sani ba laifinsa ba ne. Wani yaro ya zo sayar mini da Bitkoyin, ya nuna mini a waya ya tura, ni ma na ga ya shigo yana jiran tabbaci. Ina sauri zan tafi masallaci, na tura masa nairarsa. Kafin in fito kuɗin sun ɓace daga walat ɗina. Da ƙaramin caji ya turo da gangan, yana fita ya maye gurbinsa da wani turin zuwa adireshinsa. Tun ranar ba na sakin ko kwabo sai na ga tabbaci ɗaya, in kuɗin da nauyi kuma uku.

Ɗanliti: Alhaji ai da ka duba ko turin yana da alamar RBF. In babu alamar ba zai iya canza shi ba.

Malam Habu: Da can ana ɗan dogara da wannan, yanzu kam a'a. Tun Bitcoin Core 28.0 da ya fito a 2024, kwamfutocin suna karɓar mayewa ko da alama ko babu. Tsarin Alhaji shi ne daidai.

Sani Ɗan Kwari: Malam na yi kuskure. Na tura canjin kafin in gama karanta lissafinka, na sa 30. Awa biyu ke nan shiru.

Malam Habu: Ba zai motsa ba. Ɗan ya biya 3,300, haɗe da 705 ya zama 4,005, a raba da 251, kusan 16 sat/vB ke nan. Ka tashi daga 5 zuwa 16, layin yana 30. Shafin ma zai nuna maka a "Effective fee rate". Gyaran shi ne ka haifi jika: ka sake tura kuɗin zuwa adireshinka. Yanzu ku uku ne, 361 vB, sau 30 ya ba da 10,830, a cire 4,005, saura 6,825. Ka ga 62 ɗin nan ce dai ta dawo, 3,300 ɗinka ne suka tafi a banza. Ka sake duba farashin layin kafin ka danna, in ya hau ka sake lissafi, ka kuma ɗan ɗora wani abu a kai.

Ummi Zinder: Ni ban rage caji ba sam, 2,000 sat na biya kamar kullum, amma ya kwana tara. Sai daga baya na gane dalili. Ina karɓar kuɗi kaɗan-kaɗan daga masu sayen kayana, ranar da na tashi turawa walat ya tattaro guda ashirin ya haɗa. Kowane guda yana ƙara wajen 68 vB, turin ya haura 1,400 vB, cajina ya koma 1.4 sat/vB ban sani ba. Ban yi komai ba, haƙuri na ba shi, wata Lahadi da asuba ya wuce. Shi ya sa nake ganin in ba gaggawa, barinsa ya fi.

Bashir Maradi: Wani ya turo mini saƙo yanzu wai yana da manhajar hanzarta turi, a ba shi kalmomi 12 na walat ya gyara cikin minti biyar. In haɗa shi da Sani?

Maman Ilham: Kul! Ɓarawo ne. Mai kalmomin nan shi ne mai kuɗin.

Malam Habu: Akwai hanzartawa ta gaskiya, wasu rukunan masu haƙa suna yi, shi ma mempool.space yana da tasa. Lambar turi kawai suke karɓa, sai kuɗin aikinsu. Tana da amfani ga wanda ba shi da RBF kuma ba shi da canji, ko mai karɓar da kuɗin ke shiga adireshin eksicenj, tunda makullin ba a hannunsa yake ba balle ya yi CPFP. Duk wanda ya nemi kalmominka kuwa, toshe shi.

Sani Ɗan Kwari: Na sa 70 don in huta. Bulok na biyu bayan sallar isha'i duka ukun suka shiga tare, mutumina ya kira ya ce ya gani. Caji ya tashi mini 11,705 sat a kan abin da 4,230 za ta yi tun ranar Juma'a. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Ummi Zinder: Yanzu na duba, layin ya sauko 12. Da ka bar ɗan nan na 16 zuwa safe, ina jin da ya wuce ba jika.

Alhaji Mai Canji: Wataƙila. Amma da ni ne mai kayan, da ba zan jira safiyar ba.