Geron da ya maƙale a tsakiyar sanda

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke riƙe da lissafin ƙungiyarmu ta manoma a Kebbi. Na zana buhunan da rassanmu uku suka tara a Excel da Stacked Column, shinkafa a ƙasa, gero a tsakiya, dawa a sama. Argungu 400, 120, 80. Yauri 250, 140, 90. Zuru 60, 130, 300. Shugabanmu ya duba ya ce Argungu ta fi kowa gero, alhali ita ce ta ƙarshe. Ina na kuskure?

Wani daga Jega: Wa alaikumus salam. Launi ne matsalar, ɗan'uwa. Ka sa wa geron ja mai haske, kowa zai gan shi.

Malamar lissafi daga Birnin Kebbi: Malam, ja zai sa a ga geron, amma ba zai sa a iya auna shi ba. Ɗana mai tambaya, lissafinka daidai yake, zanen ne bai dace da abin da shugaban ke nema ba. Dubi inda kowane gero ya fara. Na Argungu yana zaune a kan shinkafa 400, ya tashi zuwa 520. Na Yauri ya fara daga 250 ya tsaya a 390. Na Zuru kuwa daga 60 zuwa 190. Ido yana bin wanda ya fi nisa da ƙasa, shi ya sa shugaban ya zaɓi Argungu. Kamar ka tsayar da yara uku ne, ɗaya a kan turmi, ɗaya a kan kujera, ɗaya a kan tabarma, sannan ka ce a faɗi wanda ya fi tsayi.

Ga kuma ƙanƙantar bambancin. In tsayin zanen santimita 9 ne na buhu 600, to buhu 20 da ke tsakanin Yauri da Argungu milimita 3 ne kacal. Wa zai gane wannan daga bayan ɗakin taro? Abu biyu kawai ake karantawa da kyau a irin wannan zane: yankin ƙasa, da jimillar sanda gaba ɗaya, domin su ne suka tashi daga sifili. Ita ma dawar da ke sama ba ta tsira ba. Masana ƙididdiga William Cleveland da Robert McGill sun gwada mutane a 1984, suka samu an fi yin kuskure wajen kwatanta tsayin da bai tashi daga layi ɗaya ba.

Ka shiga Change Chart Type ka zaɓi Clustered Column. Amma ka lura da abin da ke jere a ƙasa. In garuruwa ne, geron Argungu zai yi nisa da na Yauri, sandunan dawa da shinkafa sun raba su. Danna Switch Row/Column don amfanin gona ya dawo ƙasa, sandunan gero uku su tsaya kafaɗa da kafaɗa. Nan take za a ga Yauri 140, Zuru 130, Argungu 120.

Wani ma'aikacin gona daga Yauri: Hajiya, ni 100% Stacked Column nake amfani da shi, duk sandunan su zama tsayi ɗaya. Ba ya warware wannan?

Malamar: Rabi ya warware, Malam. Dawa za ta samu rufi ɗaya da za a auna ta daga sama, amma gero yana nan yana lilo a tsakiya. Kuma tambayar ta canza, ta koma kaso maimakon buhu: kashi 20 cikin ɗari a Argungu, kusan 29 a Yauri, kusan 27 a Zuru.

Wata mai aikin tattara bayanai: Ni dai jera sanduna ya taɓa ba ni kunya. Na yi na ƙananan hukumomi 21 na Kebbi da amfanin gona biyar, sanda 105, zanen ya fito kamar dangar kara. Sai da na raba shi gida biyar, kowane amfani da ƙaramin zanensa, duka da ma'auni ɗaya.

Malamar: Gaskiyarki, ƙanwata. Jerawa tana kyau ne in sandunan kowane rukuni ba su wuce uku ko huɗu ba. Nasa tara ne duka, zai ɗauka.

Mai tambaya: Na gwada, Hajiya, gero ya fito sarai, Allah ya saka da alheri. Sai dai jimilla ta ɓace. Shugaban yana son ganin cewa Zuru da 490 ta ɗara Yauri mai 480.

Malamar: To koma na farkon, ka shiga Select Data ka matsar da gero ya zama na farko a jerin, zai sauko ƙasan sanda. Ka samu gero da jimilla a zane ɗaya, shinkafa ce za ta koma lilo.

Na Yauri: A Kebbi a ɗaga shinkafa daga ƙasa? Manoman fadama ba za su yarda ba, ita suke fara dubawa. Ni zane biyu zan kai taron.

Mai tambaya: Shafi ɗaya aka ba ni a rahoton. Bari in ga ko biyun za su shiga ba tare da rubutun ya ƙanƙance ba.