Neman taimako kan fassara hirar rukunin WhatsApp zuwa Hausa

Assalamu alaikum. Yayata da ke Birnin Kebbi ta turo mini hoton hirar da ɗanta ya yi da abokansa a rukuninsu, tana son in mayar mata da ita Hausa, domin ta tsorata da abin da ta gani, kuma yau kwana biyu ke nan na kasa gamawa.

Inda na cije shi ne inda wani ya rubuta `I'm dead 💀😭` bayan yaron ya turo hotonsa sanye da babbar rigar mahaifinsa. Na san dariya yake nufi, amma idan na rubuta "na mutu" hankalin yayata zai ƙara tashi, idan kuma na ce "abin ya ba ni dariya ƙwarai" sai ya zama maganar dattijo, alhali yara ne ke tsokanar juna. Na gwada "wallahi ka kashe ni da dariya", sai dai rantsuwar ba ta cikin asalin maganar, kuma ba na son in ɗora wa yaro abin da bai faɗa ba.

Shin in bar hoton ƙoƙon kan da fuskar kukan yadda suke, ko in cire su tunda jimlar ta riga ta ɗauki ma'anarsu? Malamai masu fassara, don Allah ku ba ni shawara.