Rera waƙa baki a rufe don waya ta nemo ta: me za mu kira shi?

Uwar Biyu: Jama'a ku taimaka min da kalma. A manhajar Google in ka taɓa alamar makirfo ka zaɓi Search a song, sai ta ce ka yi hum na daƙiƙa 10 zuwa 15, ta jero waƙoƙin da suka yi kama. Ina son koya wa ƙanwata, na rasa Hausar hum ɗin nan. Guna-guni?

Ɗan Zinder: A'a Hajiya, guna-guni na mai ƙorafi ne. Mu dai waƙar hanci muke cewa. Ai irin aikin Shazam ne, manhajar nan mai gano waƙa.

Mai Gurmi: Waƙar hanci ta zauna, don in ka toshe hanci sautin ɗaukewa yake. Amma ba aikinsu ɗaya da Shazam ba. Shi ainihin faifan yake saurara. Wannan kuwa, da Google ya fito da shi a Oktoban 2020, yana watsar da kiɗa da kalmomi da zaƙin murya, ya riƙe hawa da saukar sauti kaɗai, ya mayar da su jerin lambobi ya gwada da waɗanda ke rumbunsa. Abin da mawaƙa ke kira kari ke nan. Ni zan so a ce neman waƙa da kari, tunda fito ma yana karɓa.

Uwar Biyu: To Malam, sau huɗu na gwada wata waƙar biki, bai gano ba. Don muryata ta yi ƙasa ne?

Mai Gurmi: Kaurin murya ba laifi ba ne. Daga sauti zuwa ninkinsa mataki 12 ne. A ce karin ya hau 2, ya ƙara 2, ya sauko 4 ya koma mafarinsa. Ki fara daga ƙasa, yaro ya fara daga sama, duk 2, 2, 4 ne, zai gane ku. Matsalar ita ce ki hau 1, ki ƙara 3, ki sauko 3. A kunnenki waƙar ce, don kina jin kiɗan a ranki, shi kuwa wani karin ya ji. Ki naɗi muryarki ki saurara: in baitin bai hau ya sauka yadda na ainihin waƙar yake yi ba, kin zame. Kuma ki gwada "da-da-da", domin baki a rufe sauti ɗaya da aka maimaita sau uku yakan haɗe ya zama dogo guda.

Ɗan Zinder: Nawa ko faifan na kunna masa bai sani ba.

Mai Gurmi: Wannan daban ne, wataƙila babu ita a rumbun.

Uwar Biyu: Na ɗauki waƙar hanci. Zamewar fa, bauɗewar kari za mu ce ko zamewar murya?

Ɗan Zinder: Zamewar murya ta fi min sauƙin faɗa, sai dai wani zai zaci shaƙewa ake nufi.