Rasidin mai ya goge, wa'adi kuma ya kusa cika

Sa'adatu: Assalamu alaikum. Ofishinmu na Garwa ya fitar da sanarwa yana tunatar da mu sabon tsarin mayar da kuɗin da ma'aikaci ya kashe a bakin aiki: rasidi na asali, masauki kada ya wuce sefa 20,000 a dare, kuma a miƙa takardu cikin kwana 10 da dawowa. An tura ni Marwa alhali motar ofis tana gareji, direban kuma yana jinyar mahaifiyarsa, don haka na ɗauki motar maigidana. Na sha mai na 35,000 a Figil, rasidin ya wuni a gaban mota cikin rana, yanzu babu abin da ake iya karantawa. Na kwana uku a ɗakin 25,000. Yau kwana 8 da dawowata. Yaya zan yi?

Alhaji Umaru: Malama, shekarata 14 ina aikin akanta. Takardar da na'ura ke fitarwa da zafi ake rubutu a kanta, shi ya sa rana ke cinye ta, kuma kada kowa ya ce ki goge ta da dutsen guga, domin baƙi za ta yi gaba ɗaya. Ki nemi gidan man su rubuta miki wani mai ɗauke da kwanan wata, yawan lita, hatimi da lambarsu ta haraji, wato NIU. Rarar 15,000 ta masauki kuwa daga aljihunki take, sai idan an ba ki izini a rubuce kafin tafiya. Shin takardar tafiyarki ta ambaci motar gida?

Malam Buba: Idan ta waya kika biya, saƙon ya wadatar. A wajenmu ana karɓa.

Alhaji Umaru: Saƙon yana nuna kuɗi ya fita, amma ba ya nuna abin da aka saya. Mai binciken kuɗi ba zai amince da shi kaɗai ba.

Hajiya Hadiza: Masu rubuta sanarwar nan ba su taɓa hawa babur ba. Wane ɗan acaɓa ne ke yawo da hatimi? Kuɗina na watan Maris har yau suna hannunsu.

Sa'adatu: Alhaji, kuɗi hannu na biya, kuma shugabana da bakinsa ya ce in tafi da motar. Ɗakin 20,000 da na gani ƙofarsa ba ta kulluwa, ni kuma mace ce ni kaɗai. Ba zan koma Figil saboda takarda ɗaya ba.

Alhaji Umaru: To, ki miƙa abin da ke hannunki gobe tare da wasiƙar bayani, shugaban ya sa hannu a kan batun motar, sannan a buga miki hatimin karɓa a kan kwafinki. Takardar da ta shiga da giɓi ana cike ta daga baya, wadda ta makara ba a buɗe ta.

Malam Buba: Babu gaggawa, ai Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi.

Sa'adatu: Sanarwar "kwana 10" kawai ta ce. Shugaban kuma yana Yawunde sai Litinin.