Abin Da Ke Tsayar Da Rahoton Hoto A Gaban Alƙali

A wata tattaunawa da masu binciken shaidar na'ura suka yi a Yamai, shawarar da ta fi nauyi ita ce kada mai bincike ya taɓa hoton asali. Ya kwafe katin ajiyar da hoton yake ciki ta na'urar da ke hana rubutu a kansa, ya fitar da lambar SHA-256 ta asalin da ta kwafin, wato lambar tantancewa da ke canzawa da zarar an canza wani abu a fayil, ya rubuta su duka a rahoto, domin lauya zai tambaya ko fayil ɗin ya canza a hannunsa, kuma daidaituwar lambobin ce amsarsa.

Sun daɗe a kan batun lokaci, kuma a ganina sun yi daidai. A ce bayanan EXIF, waɗanda waya ke ajiyewa a cikin fayil ɗin hoto, sun nuna `DateTimeOriginal`, wato lokacin ɗauka, ƙarfe 21:14. Kada ya rubuta cewa a lokacin aka ɗauki hoton. Ya rubuta cewa abin da agogon wayar ya nuna ke nan, sannan ya faɗi tazarar agogon da lokacin Nijar, UTC+1, ranar da ya duba wayar. Idan kuwa an tura hoton a matsayin hoto ta WhatsApp, wadda ke matse shi ta goge waɗannan bayanai, rashinsu ba hujjar maguɗi ba ce.

Ko haske ya ƙara wa kwafin hoton, ya rubuta sunan manhajar da sigarta da adadin ƙarin, yadda wani masani zai maimaita aikin ya sami sakamako guda.